Ina Zan Ajiye Wannan Takarda? Wasiƙar da ke Gabatar da Sabuwar Foldar Ofis

Takardar kasafin kuɗin aiki guda takan kwana a wuri huɗu a ofis ɗaya: a kwamfutar akanta, a filashar manaja, a imel ɗin sakatare, da kuma zauren WhatsApp na ma'aikata. Kowane kwafi ya ɗan sha bamban da ɗan'uwansa, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne na ƙarshe. Ba a cika jin ciwon abin ba sai ranar da masu binciken kuɗi suka iso, ko mai ba da tallafi ya ce a turo masa rahoto kafin la'asar, ko kuma wanda takardar ke hannunsa ya tafi hutu wayarsa a kashe.

Maganin da ofisoshi ke kamawa a yau shi ne folda ta bai-ɗaya, wato wuri guda da kowane ma'aikaci zai shiga daga kwamfutarsa ya ajiye takarda ko ya ɗauko. Wasu suna ajiye ta a wata kwamfuta ta musamman a cikin ofis wadda ake kira saba, wasu kuma a intanet, a Google Drive ko OneDrive ko Dropbox. Ƙirƙirar foldar ba ta ɗaukar rabin awa. Abin da ke raya ta ko kashe ta shi ne wasiƙar da aka rubuta wa ma'aikata don a bayyana musu tsarin da dokokinsa. Wasiƙar nan ita ce ainihin aikin, kuma ana auna kyawunta da tambaya ɗaya: idan ma'aikaci yana riƙe da takarda a hannunsa, ya karanta wasiƙar, zai san inda zai ajiye ta ba tare da ya tashi ya tambayi kowa ba?

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati ba za su ga baƙon abu a nan ba. A ma'aikatu akwai rajista ta fili da rajista ta sirri, kowane fayil da lambarsa, kuma akwai akawun da ya san inda kowanne yake da wanda ya ɗauka. Wanda ya taɓa zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna ya ga yadda ake zaƙulo fayil ɗin zamanin Turawa da lambarsa kawai, bayan duk waɗanda suka rubuta shi sun daɗe da barin duniya. Da kwamfuta ta zo, kowa ya zama akawun kansa, aka rasa mai tsare tsarin. Wasiƙar da muke magana a kanta ita ce ke tsayawa a madadin wancan akawu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ƙungiya ce mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan jihar Kano, tana da ma'aikata goma sha biyu: manaja, akanta da mataimakinsa, sakatare, mai kula da sha'anin ma'aikata, injiniyoyi biyu, da jami'an da ke zirga-zirga tsakanin ofis da ƙauye. Tsohuwar foldarsu ta ginu ne a kan sunayen mutane: foldar akanta, foldar injiniya, foldar manaja. Wannan shi ne tsarin da kowa ke fara yi domin shi ne ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi saurin rushewa. Mutum yana barin aiki ko a yi masa canjin kujera, amma aikin yana nan. Rasit ɗin simintin da injiniya ya sayo, akanta ya biya, manaja ya sa hannu, foldar wa zai shiga? Amsar ita ce ta ukun duka, kuma daga nan kwafi uku suka samu.

Don haka sabon tsari ya bi aiki, ba mutum ba. Ga yadda matakin farko zai kasance:

```
01_Gudanarwa
02_Kudi
03_Ayyuka
04_Maaikata
05_Samfura
90_Ajiya
99_Shigowa
```

Lambobin da ke gaba suna sa foldojin su tsaya a jere ɗaya a kowace kwamfuta, kuma suna ba mutane gajeriyar hanyar magana: "duba a sifili uku". An bar rata tsakanin 05 da 90 domin idan sabon sashe ya taso gobe, a ba shi 06 ba tare da an taɓa sauran ba. A cikin `03_Ayyuka` kowace rijiya tana da foldarta, da lamba da sunan wuri, kamar `R07_Gezawa`, kuma a cikin kowacce akwai ƙananan foldoji iri ɗaya: yarjejeniya, hotuna, rahoto. Wanda ya san cikin rijiya ta bakwai ya san cikin ta ashirin.

Yanzu sai wasiƙar kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe ta da dogon bayani a kan ci gaban zamani da muhimmancin tsari. Ma'aikaci yana karanta layi biyar na farko ne da hankalinsa, sauran kuma da ido kawai. Saboda haka abin da ya canja, da ranar da zai fara aiki, da abin da ake so kowa ya yi, su ne za su zo a sama. Ga irin buɗewar da nake ganin ta dace:

"Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan aiki. Daga ranar Litinin 19 ga Mayu, duk takardun ofis za su koma sabuwar folda mai suna `Ofis`. Ranar Juma'a 16 ga Mayu da ƙarfe huɗu za a rufe tsohuwar: za ku iya buɗe abin da ke ciki ku karanta, amma ba za ku iya ƙara komai ko gyara komai ba. Ba za a goge takardar kowa ba. Dalilin canjin shi ne yanzu takarda ɗaya tana da kwafi da yawa, kuma muna ɓata lokaci wajen gane na gaskiya. Abin da muke roƙonku kafin Juma'a shi ne kowa ya shiga sabuwar foldar ya tabbatar tana buɗe masa."

A lura da jumlar "ba za a goge takardar kowa ba". Tsoron farko da ke zuwa wa mutum idan ya ji za a taɓa foldarsa shi ne aikinsa na shekaru zai salwanta, kuma mai wannan tsoro zai kwashe komai ya ɓoye a filasha, wato ainihin abin da ake son a daina. A lura kuma ba a ambaci sunan kowa a cikin dalilin ba. Ko da kowa ya san wanda ya tura tsohon kasafi ga mai ba da tallafi, wasiƙar da ta nuna shi da yatsa ta rasa goyon bayansa da na abokansa tun ba a fara ba. Kuma ya fi kyau ta fito da sa hannun manaja, ko da wani ne ya tsara ta, domin ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ce wa dattijon akanta "ranka ya daɗe, ba a nan ake ajiyewa ba" sai yana da takardar shugaba a bayansa.

Bayan buɗewa sai bayanin foldojin, kuma nan ne ake gane wanda ya san aikin. Bai isa a ce "`02_Kudi` ta harkar kuɗi ce" ba, domin sunan ya riga ya faɗi haka. Abin da ake buƙata shi ne hukunci a kan takardun da ke da ƙafa biyu. Mu koma ga rasit ɗin siminti. Takardar kuɗi ce, kuma ta rijiya ta bakwai ce. Dole wasiƙar ta yanke: "Duk rasit da takardar biya suna zama a `02_Kudi`, a foldar shekara da wata, ko da na wace rijiya ne. Kada a ajiye kwafi a foldar rijiya. Lambar rijiyar za ta fito a sunan fayil, don haka idan kuka rubuta R07 a wurin bincike za ku gan su duka." Ana iya yanke akasin haka, a ce rasit ya bi rijiyarsa, kuma tsarin zai yi aiki. Abin da ba zai yi aiki ba shi ne a bar kowa da ra'ayinsa. Kafin a aika wasiƙar, a tara takardu ashirin na gaske daga makon da ya wuce, a ba mutum biyu da ba su shiga tsarawar ba, kowanne ya faɗi inda zai ajiye su. Duk takardar da suka saɓa a kanta, wasiƙar tana buƙatar ƙarin jumla, ko kuma tsarin ne ke da gyara.

Foldar `99_Shigowa` tana da nata amfanin. Jami'in da ya dawo daga ƙauye da magariba da hotuna arba'in a waya ba zai zauna ya raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya ba. A ba shi wurin zubawa, amma a ce a wasiƙar sakatare zai share foldar kowace Juma'a ya kai komai muhallinsa. Idan ba a ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki ba, cikin wata biyu ita za ta zama foldar ofis ta gaskiya. A kuma gaya wa jami'an cewa hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi ya rage kyau, kuma yakan sauka da suna irin `IMG-20250506-WA0007.jpg` wanda bai faɗi komai a kan rijiyar ba. A tura shi a matsayin takarda, ko a ɗora shi kai tsaye daga waya.

Dokar suna ita ce wadda mutane suka fi raina wa, kuma ita ce ta fi daɗewa tana amfani. Sigar da zan ba wannan ofis ita ce kwanan wata, sai lambar aiki, sai abin da takardar take:

```
2025-05-06_R07_Rasit_Siminti.pdf
2025-05-12_R07_Rahoto_v02.docx
```

Kwanan watan ya fara da shekara, sai wata, sai rana. Wannan siga ce ta ƙasa da ƙasa mai suna ISO 8601, wadda aka fara fitarwa a 1988, kuma tana da fa'ida biyu. Ta farko, idan kwamfuta ta jera fayiloli bisa suna, sun jeru bisa lokaci ke nan. Idan da rana aka fara, takardar 1 ga Disamba za ta hau gaban ta 2 ga Janairu. Ta biyu, mu a nan idan muka rubuta 06/05 muna nufin 6 ga Mayu, Ba'amurke kuma zai karanta 5 ga Yuni, kuma ƙungiyar da ke aika rahoto ƙasar waje ba ta son wannan ruɗani. Kada a dogara da ranar da kwamfuta ke nunawa a gefen fayil, domin tana canjawa da zarar wani ya buɗe ya taɓa harafi ɗaya ya adana.

Mai karatu zai ga an rubuta `Kudi` da `Maaikata` babu lanƙwasa babu ɗauri. Da gangan ne, kuma ya kamata wasiƙar ta faɗi dalili. A wurin kwamfuta ɗ da d haruffa ne daban, haka ƙ da k, da ɓ da b. Ba kowane ma'aikaci ne ke da allon rubutun da ke fitar da haruffan Hausa ba, kuma wanda ya nemi "kudi" bincike na iya tsallake fayil mai suna "kuɗi". A cikin takarda a rubuta Hausa da ƙa'idarta cikakkiya, a sunan fayil kuma a tsaya ga haruffan da kowace na'ura ke da su. Akwai kuma alamomin da Windows ba ta karɓa a suna ko kaɗan, wato `\ / : * ? " < > |`. Google Drive zai iya karɓar suna mai irin waɗannan alamomi a intanet, sai an zo saukewa a kwamfuta a ga sunan ya sauya.

Zurfin folda ma yana da iyaka ta gaske. A tsarin Windows na asali, cikakken adireshin fayil, wato sunayen duk foldojin da ke samansa haɗe da nasa, bai wuce haruffa 260 ba, kuma manhajoji da yawa har yau suna tuntuɓe a wannan iyaka. Folda cikin folda har hawa bakwai, kowacce da dogon suna, takan kai ga fayil ya ƙi buɗewa ko ya ƙi kwafuwa, alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa wasiƙar za ta ce kada a wuce hawa huɗu, kuma ba mai ƙirƙirar folda a hawa na ɗaya da na biyu sai mai kula da tsarin.

Sai batun "na ƙarshe". Kowa ya san fayil mai suna rahoto na ƙarshe, da na ƙarshe na biyu, da na ƙarshe wanda oga ya gyara. Dokar mai sauƙi ce: daftari yana ɗaukar `v01`, `v02`, `v03`, kuma wanda aka amince da shi ana mayar da shi PDF a rubuta `AMINCE` a sunansa. Idan kuma a intanet ake aikin, mutum biyu suna iya gyara fayil ɗaya a lokaci guda, kuma manhajar tana riƙe tarihin gyare-gyaren. To amma wannan yana tafiya ne kawai idan an daina sauke fayil a gyara a maƙala a imel. Wasiƙar ta faɗa ƙarara: a aika mahaɗar fayil, ba fayil ɗin ba.

Izinin shiga shi ne wurin da kuskure ke da tsada. A `04_Maaikata` akwai albashi, lambobin asusun banki, lambar NIN, takardun asibiti da na gargaɗi. A `03_Ayyuka` ma akwai sunaye da lambobin wayar mutanen ƙauye. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, da hukumar da ke sa ido a kanta, kuma dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Don haka wasiƙar ta faɗi wa ke shiga ina: `04_Maaikata` manaja da mai kula da ma'aikata kaɗai, `02_Kudi` akanta da mataimakinsa ne ke gyarawa, injiniyoyi su karanta kawai. A Google Drive waɗannan matakai suna bayyana da sunayen `Viewer`, `Commenter` da `Editor`, kuma yana da kyau a rubuta su yadda suke a fuskar kwamfuta don mutum ya gane abin da yake gani. A ba da izini a kan folda, ba a kan fayil ɗaya-ɗaya ba, domin fayil yana gādon izinin foldar da yake ciki. Wannan gado yana da haɗarinsa: wanda ya ja takardar albashi ya jefa ta a `99_Shigowa` ya buɗe ta ga duk wanda ke shiga can. Sannan a haramta zaɓin `Anyone with the link` ga duk takardar da ke ɗauke da bayanan mutane, domin mahaɗar da ta shiga WhatsApp ba a san inda za ta tsaya ba.

Akwai wata tambaya da ƙananan ofisoshi ba sa yi sai ta yi musu illa: foldar mallakar wa ce? Idan an buɗe ta a asusun Gmail na wani ma'aikaci, tasa ce, kuma tana cin gigabait 15 ɗin da Google ke ba shi kyauta tare da imel ɗinsa da hotunansa. Fayil ɗin da wani ya ɗora a ciki kuma na wanda ya ɗora ne. Ranar da ɗayansu ya bar aiki cikin fushi, ko ya share asusunsa, takardun na iya bin sa. Asusun ofis da ake biya yana da abin da ake kira `Shared drives`, inda fayiloli mallakar ƙungiya ne ba na mutum ba. Ofishin da ba shi da halin biya, aƙalla ya buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su san lambar sirrinsa.

Game da gogewa, gara wasiƙar ta hana gaba ɗaya ta ce abin da aka gama da shi a kai `90_Ajiya`, sannan ta faɗi gaskiyar abin da ke faruwa idan an goge. A Google Drive fayil yana zama a kwandon shara kwana 30 sannan ya tafi. A OneDrive da SharePoint na asusun aiki kwana 93 ne. A sabar ofis kuwa, fayil ɗin da aka goge ta hanyar sadarwa daga wata kwamfutar Windows ba ya shiga `Recycle Bin` ɗin wanda ya goge, tafiya yake yi kai tsaye sai in an yi wani tanadi na musamman. Shi ya sa jumlar "idan kun goge abu bisa kuskure ku faɗa a ranar, ba za a yi wa kowa faɗa ba" take da daraja: mai jin kunya yakan yi shiru har wa'adin ya wuce. A kuma sani cewa foldar da ke daidaita kanta da intanet ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. Abin da aka goge a kwamfuta ɗaya yana gogewa a sauran, haka fayil ɗin da ƙwayar cuta ta lalata. Ana buƙatar kwafi daban a faifan waje wanda ake cirewa a kulle a wani wuri, kuma wasiƙar ta ambaci mai yin sa da ranar da yake yi.

Wajen ƙaura, ba a kwashe tsohuwar folda kacokan a zuba a sabuwa. A ɗauko ayyukan da ke gudana da takardun shekarar da ake ciki, sauran su zauna a tsohuwar a karanta kawai, duk wanda ya buƙaci wani abu ya ɗauko shi ya raɗa masa sabon suna. A gargaɗi akanta tun da wuri cewa fayil ɗin Excel da ke jawo lissafi daga wani fayil zai iya rasa hanyarsa idan an sauya musu wuri ko suna, don haka irin waɗannan a ƙaura da su tare kuma a gwada su a ranar. Rufe tsohuwar foldar a ranar da aka faɗa ba abin sassauci ba ne. Idan aka bar ƙofa biyu a buɗe, rabin ofis zai ci gaba da bin wadda ya saba.

Bayan wata guda ana iya gane ko wasiƙar ta yi aiki ba tare da an tambayi kowa ba. A buɗe `99_Shigowa` a ga ko akwai fayil da ya kwana biyu a ciki fiye da mako. A duba ko an sami `New folder` a hawa na farko, ko fayiloli masu `(1)` da `Copy of` a sunansu, alamar ana saukewa ana sake ɗorawa. A duba zauren WhatsApp a ga ko har yanzu ana cewa "don Allah a turo min rahoton Gezawa". Idan mutane da yawa suna karya doka ɗaya, sau da yawa dokar ce ba ta dace da yadda aikin ke tafiya ba, sai a gyara ta. Saboda wannan ne wasiƙar za ta ƙare da sunan mutum ɗaya da ake kai wa tambaya, da ranar da za a zauna a duba tsarin, misali bayan mako shida. Kwafinta kuma a ajiye shi a saman foldar da suna `00_KARANTA_NI`, a riƙa sabunta shi da kwanan wata duk sanda doka ta canja, domin ma'aikacin da za a ɗauka baɗi ba ya cikin waɗanda aka aika wa imel ɗin.